Private ko Unlisted: wanne ya dace da darasin da aka biya kuɗi?

"Ina koyar da ɗinki a Fagge, ɗalibai 30 sun biya. Bidiyon yankan abaya na minti 40 zan ɗora a YouTube, su kaɗai nake so su gani. Private zan zaɓa ko Unlisted?"

Hajiya, duka biyun ba sa fitowa idan mutum ya yi bincike a YouTube. Bambancin yana wajen wanda zai iya buɗewa.

Unlisted, duk wanda adireshin bidiyon ya shiga hannunsa zai kalla, ko ba shi da asusun Google. Ki tura a WhatsApp, shi ke nan, kuma ɗalibai za su iya rubuta tambaya a ƙarƙashinsa. Amma ɗaliba ɗaya ta tura wa ƙanwarta, ƙanwar ta tura wa ƙawayenta, darasin ya zama na kowa. Ya faru da ni, ɗalibaina 20 amma cikin mako guda na ga an kalla sau ɗaruruwa. Alamar ke nan, yawan kallo ya zarce na ɗalibai nesa ba kusa ba.

Private kuwa sai wanda kika gayyata. Ki shiga studio.youtube.com, a Visibility ki zaɓi Private, ki danna Share privately, ki rubuta imel ɗin kowace ɗaliba. Iyakarsa mutum 50, kin ga 30 ɗinki sun shiga. Wahalarsa ita ce dole ɗaliba ta buɗe da wannan imel ɗin da ta ba ki. Mata da yawa imel ɗin miji ko na wanda ya saita musu waya ne a kan YouTube ɗinsu, sai ta kira ki ta ce bidiyo ya ƙi buɗewa. Ki ce ta taɓa hoton asusunta ta karanto miki imel ɗin da ke wurin, shi za ki saka. Sannan ba a rubuta sharhi a Private, tambayoyi sai a WhatsApp.

Tunda kuɗi suka biya, ni Private nake ba ki shawara. Sai dai ko shi ba ya hana mai niyya naɗar fuskar wayarta.

Kowanne kika zaɓa, ki fara tantance lambar wayarki a youtube.com/verify, domin sai da haka ake ɗora bidiyon da ya wuce minti 15 ko saka hoton bango naki. Hoton ya zama 1280 da 720, abayar da aka gama da lambar darasi ɓaro-ɓaro. Take kuma, tunda ba neman baƙi kike yi ba, "Darasi na 3: Yankan hannun abaya" ya wadatar.

Rubutun maganarki da ke fitowa a ƙasan hoton bidiyo ne zan roƙe ki kada ki tsallake. A Subtitles ki zaɓi Hausa, sannan Type manually. Ko ba ki rubuta komai da komai ba, ki rubuta awon da kika faɗa, domin ƙarar keke da janareta kan haɗiye lamba, inci 16 ya koma 6 a kunnen ɗaliba, ta ɓata yadi.