Gwanjon mota a waje: Copart, Manheim ko Japan, da lissafin da za ka yi kafin ka taya

Masu son sayo mota da kansu daga waje yawanci wurare uku suke dubawa, gwanjon Japan irin su USS, sai Manheim na dillalan Amurka, sai kuma Copart da IAA inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi hatsari. Kowanne da irin yadda yake bayyana lafiyar mota, kuma ba ɗaya suke ba wajen yadda za ka yarda da su.

Na Japan ya fi kowa tsari gaskiya. Akwai mai dubawa da yake zagaya motar ya cike takarda, ya ba jikin maki, 5 kusan sabuwa ce, 4.5 da 4 masu kyau ne, 3.5 ta sha hannu, in ka ga R ko RA to an taɓa gyara ƙashin jikinta bayan hatsari. Cikin motar kuma harafi ake ba shi, A ya fi B, haka har ƙasa. Har zanen motar suke yi su sa A1 a inda ta ɗan karce, U2 a inda ta lotsa, XX a inda aka canza ɓangare. Matsalar ita ce sitiyarin motocin Japan a dama yake, mu kuma a Najeriya da Nijar hannun dama muke tuƙi, sitiyari a hagu, kuma dokar Najeriya ba ta yarda da mai sitiyarin dama ba. Juya sitiyari a gareji kuwa kuɗi ne da ciwon kai, ni dai ba zan ba ɗan'uwana wannan shawarar ba. Don haka Japan ka cire ta kawai, sai dai in ka dace da 'yan motocin Turai masu sitiyarin hagu da ake samu can jefi-jefi.

Manheim suna ba da maki daga 0 zuwa 5 tare da rahoton abin da ya lalace, motocin galibi lafiyayyu ne amma sai mai lasisin dillanci ke shiga, ka ga dole ka bi ta hannun wani, kuma farashin ba ya da nisa da na kasuwa. Ya dace da wanda zai hau da kansa kuma ba ya son zaman gareji.

Toh sai Copart da IAA, inda mutanenmu suka fi tururuwa, kuma inda aka fi ƙonewa. A nan abin da za ka fi samu 'yan kalmomi ne da hotuna. Run and Drive ba ya nufin mota lafiya lau take, abin da yake nufi kawai lokacin da aka kawo ta filin ta tashi, ta shiga giya, ta motsa gaba. Shikenan. Ba wanda ya hau titi da ita, kuma su da kansu sun ce ba su lamunce za ta tashi ranar ɗauka ba. Primary Damage kuma babbar ɓarnar da ido ya gani ce kawai, sauran kai za ka nemo.

A hoto kar ka tsaya kan lotsewar bamba, wannan aikin fanel bita ne na kwana biyu. Duba tayoyi tukuna, in ɗaya ta matsa baya ko ta karkace ba ta tsakiyar raminta, ƙafar motar ta tafi, wataƙila har shasi. Duba tsakanin ƙofa da fenda, in tazarar ta buɗe a sama ta matse a ƙasa bugun ya shiga ciki. Sai hoton ciki, sitiyari ya fashe ko labulen eyabag na reto daga rufi, ka san kuɗi ya ƙaru sosai don har bel ɗin kujera sai an canza. Hoton dashbod da inji a kunne ya fi sauran amfani, nan za ka ga fitilun gargaɗi da mil ɗin da ta ci, ka kuma tabbatar a bayanan motar an rubuta Actual a gefen lambar mil ɗin, wato mil ɗin na gaskiya ne. Wadda aka rubuta Water/Flood ka wuce ko da tana ƙyalli, ruwa in ya shiga wayarin da birenbos yau gilashi ya ƙi sauka gobe giya ta rikice, bakanike ba zai gama da kai ba. Motocin jihohin ƙanƙara irin Michigan da Ohio kuma gishirin titi na cinye musu ƙasa da tsatsa, ga shi ba kasafai ake ɗaukar hoton ƙasan ba.

Wani abu da mutane ke tsallakewa, ka kwafi lambar VIN, wato lambar shasin motar, ka bincika ta a intanet. Akwai masu sayen mota rugu-rugu su ɗaura mata bamba da bonet su maido ta gwanjo kamar ƙaramin bugu ne, tsofaffin hotunan da binciken VIN zai fito da su ne ke tona asiri. Shi ya sa na fi natsuwa in mai sayarwar kamfanin inshora ne. Takardar mallaka ma ka duba, Salvage, wato takardar motar da ta lalace, ana fita da ita ba matsala, amma irin su Certificate of Destruction ko Bill of Sale kaɗai ka tambayi mai yi maka lodi kafin ka taya, don kwastam ɗin Amurka sai sun ga takarda aƙalla awa 72 kafin mota ta fita.

Yanzu lissafi. Lambobin nan misali ne don a gane, ka nemi farashin ranar da kanka. A ce Corolla 2016 guda biyu. Ta farko tana Maryland kusa da tashar Baltimore, bugun baya ne, tana tafiya, ka ci ta a dala 4,500. Kuɗin gwanjo da na geti da na tayi ta intanet a ce 900, dillali 300, ɗauko ta zuwa tasha 250, jirgin RoRo wanda ake tuƙa mota a shiga da ita 1,500. Ta kama 7,450 zuwa Legas.

Ta biyu tana Denver, bugun gaba, eyabag ya fashe, ba ta tashi, an sallama a 3,200, ka ga kamar ka tsira da 1,300 ke nan. Amma gwanjo 800, dillali 300, jawo ta daga tsakiyar ƙasa zuwa teku 1,100 tunda nisa ne kuma sai an ja ta da winci, sannan tunda ba ta motsi sai kwantena, kasonka 1,900. Jimla 7,300. Bambancin ya koma 150 kacal, alhali ba a sayi lagireto da kwandensa da fitilu da eyabag ba, kuma har yanzu ba ka ji ƙarar injin ba. A kwastam ma ba rasit ɗinka na gwanjo ne ke yanke kuɗin fito ba, tun 2022 da lambar VIN suke ƙiyasta darajar mota, don haka ka tambayi ejan ɗinka adadin tun kafin gwanjo, ka tambaye shi har iyakar shekarun motar da aka yarda a shigo da ita. Ta kan iyakar ƙasa kuwa an hana shigo da mota Najeriya tun Janairun 2017, kar ka gina lissafinka kan Kwatano.

Hanyar da ta fi ita ce ka faro daga ƙarshe. Nawa ake sayar da irinta tokumbo a Kano ko Kaduna yau? Cire kuɗin fito da na ejan, cire tirela daga Legas zuwa gida, cire gyara ka ƙara masa wani abu don ɓarnar da hoto bai nuna ba, cire jirgi da jigila da kuɗin gwanjo, ka bar rata saboda dala na iya tashi kafin jirgi ya iso. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinka, ka rubuta shi a takarda kafin a fara don in tayi ya yi zafi mutum mantawa yake. Kuma kuɗin su kasance a shirye a dala, don kwanakin biya kaɗan ne, in ka makara akwai tara da kuɗin ajiya kullum, in ka fasa gaba ɗaya ma sai ka biya tarar maida motar gwanjo.