Wata biyu da Zotero: inda taƙaitawata ta maƙale

Malamar da ke duba aikina a Jami'ar Ghana da ke Legon ta ce kafin in taɓa babi na biyu, in kawo mata jerin manazarta 25 a kan cinikin goro tsakanin Kumasi da Salaga, kowanne da taƙaitaccen bayani a ƙarƙashinsa, a tsarin rubuta manazarta na APA bugu na 7. Da hannu na fara. Wani wuri shekara tana cikin baka, wani wuri babu, ta dawo mini da shi ja-wur da biro. Wani ɗan uwa a Nima ne ya ɗora ni a kan Zotero, manhaja ce kyauta ta tattarawa da tsara manazarta.

Kuskurena na farko ya ci mini mako guda. Duk taƙaitawar da na yi na zuba ta a `Notes`, da na fitar da jerin ko ɗaya ba ta bayyana ba. Ashe sai an sauko da salo na musamman: a shiga `Cite` cikin saitin manhajar, a danna `Get additional styles`, a nemi `annotated`, a ɗauki na APA. Wannan salon abin da ke gurbin `Extra` yake ɗauka. Can na kwashe bayanan, jimla huɗu ko biyar ga kowane littafi: me marubucin ke son tabbatarwa, da wace hujja, ina rauninsa, kuma me zai yi wa babina. Sai dai a share gurbin tukuna, don littafin da aka janyo daga intanet kan zo da wasu lambobi a ciki, su kuma sai su shige gaban taƙaitawar.

Daga nan na danna dama a kan tarin, na zaɓi `Create Bibliography from Collection`. Komai ya jeru bisa harafin farko na sunan marubuci, layi na biyu ya shiga ciki, bayanin ya zauna a ƙasa. A gaskiya na yi ajiyar zuciya.

Amma abin da ka ba ta shi take maido maka. Rahoton ƙidayar 2021 ya fito da marubuci wai `Service, G. S.`, saboda na bar `Ghana Statistical Service` a gurbi biyu kamar sunan mutum. Da na mayar gurbi ɗaya ya daidaita. Haka taken littafi: APA ƙananan haruffa yake so in ban da farkon kalmar farko da sunaye, to da na danna `Sentence case` har Kumasi da Salaga suka koma ƙanana, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Zotero tana aiki ko babu intanet, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen data da kuɗin aljihu. Ma'ajiyar kyauta megabayit 300 ce, tawa ta kusa cika da littattafan da na ɗauka a hoto. Jiya Malama ta dawo da jerin, gyara biyu kawai, duka a taƙaitawata.