Ranar da shataletale ya kayar da ni a Nantes

'Yan uwa na Tawa da na Yamai, ina gaishe ku. Kun daɗe kuna tambaya ta ko na samu farmin tuƙin nan da nake ta zance tun bara. Na samu, amma sai a karo na biyu, kuma abin da ya kayar da ni a karon farko abu ne da idan na faɗa a fadar shayi ta Bilbis dariya za a yi mini har a zubar da kofi. Shataletale ne, rompuwan ɗin nan da muke shiga ido rufe.

Kun san shekara bakwai na yi ina jan motar kawu tsakanin Wadata da Katako, babu takarda, babu ko ƙwarzane a jikin motar. Da na zo nan Faransa, aikin kai kaya ya buƙaci farmi, sai na shiga oto-ekol ina jin kaina, ina ganin awa 20 ɗin da doka ta wajabta ɓarnar kuɗi ce kawai. Kowace awa yuro 50 nake biya, wajen jika 33 ke nan. Malamar da aka ba ni ba ta kai ƙanwata Hadiza shekaru ba. Duk lokacin da ta ce in duba madubi sai in ce to, a raina kuwa ina cewa yarinya, lokacin da nake ratsa rompuwan Gadafawa da ƙarfe shida na marece ke kina firamare.

Ranar jarrabawa, minti goma da tashi, mai jarrabawar ya ce in bi hagu a shataletalen da ke gaba. Layi biyu ne, hanyoyi huɗu. Na kama layin hagu, na sa sigina ta hagu, na jira aka wuce, na shiga layin ciki. Har nan babu laifi. Da na hango hanyata sai na yi abin da hannuna ya saba, na karya kan mota dama kai tsaye daga ciki zuwa waje. Ban ankara ba sai na ji motar ta tsaya cak, ƙirjina ya bugi bel. Shi ne ya taka birkin da ke gefensa. Wata farar motar kaya ta shige ta damata a layin waje, ba ta fi kamu biyu da madubina ba, direbanta ko oda bai yi ba, kallo ɗaya ya yi mini ya wuce. Mai jarrabawar bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi mu ci gaba. A nan ƙasar, idan mai jarrabawa ya taɓa birki ko sitiyari don ya hana hatsari, magana ta ƙare, ko da sauran tuƙinka ya fi na kowa kyau. Na ƙarasa sauran mintocin ina tuƙi kamar mai rakiyar gawa. Bayan kwana biyu sakamako ya fito, ban ma yi mamaki ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na fita ina ganin ni aka zalunta. Ni na riga shi shiga, hancin motata yana gaba, ai a Yamai wanda hancinsa ke gaba shi ke da hanya. Haka na faɗa wa malamar. Ba ta yi gardama da ni ba. Ta ɗauko takarda ta zana agogo, ta ce in ɗauka kullum daga ƙarfe shida nake shiga, kuma tunda ta dama ake tuƙi a nan kamar gida, zagayen zai kai ni ƙarfe uku, sannan sha biyu, sannan tara.

Idan ƙarfe uku za ka, wato hanyar farko ta dama, tun kafin ka iso ka kama layin dama, ka sa siginar dama, ka bar ta har ka fita. Idan sha biyu za ka, wato miƙewa, layin dama ɗin ne dai, amma ba ka sa komai wajen shiga. Sai ka wuce bakin hanyar ƙarfe uku tukun ka sa siginar dama. Na tambaye ta me ya sa ba za a sa tun farko ba a huta. Ta ce in tuna da mutumin da ke tsaye a bakin ƙarfe uku yana jiran ya shiga: ya ga wutar damarka tana ƙyaftawa, ya ɗauka ta hanyarsa za ka fita, ya saki birki, kai kuma ka miƙe ka same shi a ƙofar direba. A lokacin na gane cewa duk tsawon shekarun nan ban taɓa sa sigina don wanda ke jira a gaba ba. Idan ma na sa, don ɗan sanda ne.

Ƙarfe tara, inda na faɗi, ita ce mai wuya. Ka sa siginar hagu, ka kama layin hagu, ka shiga ciki kusa da tsibirin, siginar hagun na nan tana gaya wa kowa cewa zagayawa kake yi. Kana wuce bakin ƙarfe sha biyu sai ka duba madubin ciki, ka duba na dama, ka juya kai ka kalli kafaɗarka ta dama, saboda akwai gurbin da madubi ba ya nunawa, kuma a cikinsa farar motar nan take. Idan babu kowa, ka juya siginar zuwa dama, ka koma layin waje, sannan ka fita. Matakai biyu ne, canja layi daban, fita daban, ni kuwa na dunƙule su wuri ɗaya. Dokarsu ta ce canja layi a cikin shataletale daidai yake da canja layi a kan miƙaƙƙiyar hanya, wanda ke kan layin da kake so shi ke da haƙƙi, ko da kai ka riga shi shiga.

Na ce to idan akwai mota a wajen fa, in tsaya? Ta zaro ido. Ba a tsayawa a ciki. Ka bar siginarka a hagu, ka sake zagayowa, daƙiƙa goma ko sha biyar ne, ka dawo ka gwada. Wallahi 'yan uwa wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi. Ku faɗa mini gaskiya, wane direban taksi ne a Yamai zai zagaya rompuwan sau biyu da fasinja a ciki? Kafin ya dawo an ce baƙo ne, ko an ce ya sha wani abu. Gara ya tsaya a tsakiya ya fito da hannu ta taga, ya toshe layi biyu, na baya su yi ta oda, ɗan kabu-kabu ya kutsa ta tsakani da mace da buhu a baya. Mun mai da sake zagaye abin kunya, mun mai da yanke gaban mutum gwaninta. Ni ma da wannan tarbiyyar na shiga motar jarrabawa.

Akwai sauƙin da ban sani ba sai daga baya. Shiga layin ciki ba dole ba ne, dokar cewa ta yi mai zuwa hagu yana iya kama hagu. Idan ba ka san garin ba, ko ba ka tabbatar da hanyarka ba, ka zauna a layin waje ka zagaya har inda za ka, babu laifi, illa dai ka kula da na ciki da ke neman fita. Manyan kamyo da bas-bas ma haka suke yi saboda tsawonsu. Sai dai idan an zana kibiyoyi a ƙasa kafin shiga, to kibiyar ake bi. Da na san haka a ranar, da na lafe a dama na ci jarrabawata, da yuro ɗari uku na ƙarin darasi suna hannun inna yanzu.

Wajen shiga kuma akwai abin da ya saɓa wa yadda kawu ya koya mini, cewa na dama shi ke da hanya ko'ina. A nan tun 1984 shataletalen da ke da allo mai kusurwa uku da kibiyoyi uku masu zagaye, da layin fari mai tsinke-tsinke a ƙasa, na ciki ne ke da hanya, kai mai shigowa hagunka za ka duba ka jira. Tsohon tsarin bai mutu duka ba. A Paris, babban dandalin da hanyoyi 12 ke haɗuwa a gindin Arc de Triomphe har yau mai shigowa ake ba hanya. Sau ɗaya wani ɗan Madawa ya ratsa da ni ta wurin, na ga motoci suna cusa kai babu layi a ƙasa, sai na ji kamar an sauke ni a Yamai ana gobe salla. Har ƙwalla ta zo mini, ban san ko ta tsoro ce ko ta kewar gida ba.

Kada ku ɗauka mutanen nan mala'iku ne. Da yawa suna fita ba sigina, musamman da safe, ka yi ta jira a bakin hanya kana kallon mota tana tahowa, sai ta sulale ta fice ta gefenka, damar da za ka shiga ta wuce. Abin yana ba ni haushi fiye da yadda na zata. Tarar rashin sigina yuro 35 ce, wajen jika 23, da maki 3 daga farminka. Ƙin ba na ciki hanya kuwa yuro 135 da maki 4. Sabon direba irina da maki 6 kacal yake farawa, ku yi lissafin da kanku. Kuma babu zancen a ja ɗan sanda gefe a ce ranka ya daɗe, mu 'yan gida ne.

Malamar ta ƙara mini abu biyu da nake aiki da su kullum. Siginar hagu takan mutu da kanta idan sitiyari ya ɗan warware a cikin zagaye, saboda haka yatsa ya zauna kusa da ita. Sannan kada in shiga don na ga wutar wani kawai, in kalli tayoyinsa na gaba da yadda yake rage gudu, don akwai masu mantuwa da ita a kunne tun daga wata unguwar. Giya ta biyu, gudun da bai wuce kilomita 30 ba, shi ke ba ka lokacin ganin duk wannan.

A jarrabawa ta biyu an sake cewa in bi hagu. Na shiga ciki, na wuce sha biyu, na juya kai, sai ga wata tsohuwa a ƙaramar mota manne da kafaɗata. Na bar siginar hagu, na sake zagayowa, gumi yana bin bayana duk da sanyin Fabrairu. Mai jarrabawar ta rubuta wani abu a allonta, ba ta ce komai ba. Maki 27 na samu cikin 31.

Sani, kai da na bar wa babur, Hadiza ta turo mini hotonsa kuma na ga wutar siginar dama ta baya a fashe take, an ɗaure da leda. Na aika jika biyar ta hannun kawu, ka kai wa mai gyara na bakin tasha kafin Juma'a, ka turo mini bidiyo tana ƙyaftawa.