Wane kifi za ka saya in fatauci ya kai ka Guangzhou?

Ɗan kasuwarmu da ya sauka a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin yakan kauce wa nama saboda shakkar yanka, ya koma wa kifi hankali kwance. Ta fuskar halacci ya yi daidai. Ta fuskar lafiya kuwa, sai ya duba yadda aka sarrafa kifin, domin lardin Guangdong, inda Guangzhou yake, na cikin wuraren da tsutsar hanta mai suna Clonorchis sinensis ta fi yawa a duniya.

Mafi hatsari shi ne yusheng, wato ɗanyen kifin kogi ko na tafkin kiwo da ake yankawa siriri kamar takarda, abin alfaharin garin Shunde. Abokin ciniki na iya kai ka cinsa don karramawa. 'Ya'yan tsutsar suna cikin tsokar kifin, ido ba ya ganinsu, kuma barkono ko ruwan tsami ko lemun tsami ba sa kashe su. In an haɗiye su sai su haura hanyoyin matsarmama su zauna, har shekara 20 ko fiye, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Daga baya ne ake ganin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko shawara, wani lokaci sankarar hanyar matsarmama. Ni dai nakan ba da haƙuri in nemi dafaffe.

Kifin da aka jiƙa a gishiri ko aka ɗan yi wa hayaƙi sama-sama, kusan ɗanye ne. Kada ka kwatanta shi da bandar gida da ta sha wuta kuma za ta sake shiga miya. Daskararre ya fi dama, in ya yi kwana 7 a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, amma kai mai saye ba ka da hanyar tabbatarwa, don haka shi ma dafa shi.

Zaɓin da na fi natsuwa da shi shi ne kifin da aka turara ko aka soya har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 63. Tsaga wurin da ya fi kauri, kusa da ƙashin baya: tsokar ta zama fari fat tana rabuwa sala-sala. In tana sheƙi kamar gilashi, a mayar da ita wuta. A tukunyar romo da ake tafasawa a kan tebur, yanka mai kauri yana buƙatar mintuna, kuma tsinken cin abincin da ya ɗauki ɗanye kada ya kai baki.

Akwai kuma wata tsutsa mai suna Trichinella, ita a nama take ba a kifi ba, galibi na alade da namun daji, har da na doki. Ba kullum sanyi ke kashe ta a naman daji ba, sai wuta ta kai digiri 71. Alamarta zazzaɓi, ciwon tsoka da kumburin fatar ido.

Wanda ya riga ya ci yusheng, ya gaya wa likita ƙasar da ya je, a gwada bayan-gidansa. Maganin praziquantel yana kashe tsutsar hantar.