Kwana huɗu a kan milimita ɗaya: yadda ta kaya tsakanina da masu kawo mini ƙarfen zubi

Wata uku ke nan da na fara karɓar aiki daga wani kamfani da ke zuba ƙarfe. Su ne ke kawo ɗanyen zubin tare da zanensa, ni kuma in ɗora a injin sassaƙa in fitar da shi yadda zanen ya ce. Ba zan ambaci sunansu ba. Zan dai faɗi abin da na gani a aikinmu na uku, gidan boris guda 40, domin a nan ne na san irin mutanen da nake hulɗa da su.

Zubin kansa ba ni da ta cewa a kansa. Sun bar kusan milimita 3 na ƙari a duk fuskar da za a sassaƙe, ba yashi a maƙale da zai cinye bakin wuƙa, kuma a cikin arba'in ɗin guda ɗaya tak na samu da ramin iska, shi ma a wurin da za a yanke a zubar. Matsalar a takarda take.

Gidan yana da rami mai faɗin milimita 62, an rubuta masa H7, wato daga 62.000 zuwa 62.030. A can ciki akwai kafaɗa inda boris ke tsayawa, a gabansa kuma akwai ɗan kwari inda zoben kulle ke shiga ya tare shi kada ya fito. Tazarar da ke tsakanin kafaɗar da bakin kwarin ita ce kujerar boris ɗin. A zanen tsagi A-A, inda aka nuna gidan kamar an raba shi biyu, an rubuta 16.1. A ƙaramin zanen B da ke ƙasan takardar, inda aka ƙara girman wurin ninki biyu don a ga kwarin sosai, an rubuta 15.1. Wuri ɗaya ne, takarda ɗaya, lamba biyu.

A ƙa'idar zane, kowane awo sau ɗaya ake rubuta shi. In mai zane ya so maimaitawa don sauƙin karatu, sai ya sa na biyun cikin baka, alamar tuni ne kawai, ba da shi za a yi aiki ba. A nan babu wanda ke cikin baka. Ba a kuma ja wa ko ɗaya layi a ƙasa ba, balle in ce an nuna shi ne bai bi sikelin zanen ba. Sassaucin da aka ba awon, wato iyakar da aka yarda ya kauce wa lambar, 0.1 ne zuwa sama. Ko da sassaucin gama-gari na ƙa'idar ISO 2768-m da ke akwatin ƙasan takardar zan bi, 0.2 ne sama ko ƙasa ga tsawon da ke tsakanin 6 da 30. Milimita guda cur ba ta ɓuya a cikin wannan.

Na yi abin da kowa zai yi, na ɗora rula a kan zanen B. Ta ba ni kusan 32, in an raba biyu 16. Zuciyata ta karkata ga A-A. Amma a jikin takardar an rubuta kada a auna zane da rula, kuma da dalili: injin buga takarda yana rage girma, wani lokaci kuma mai zane yakan canza lamba da hannu ya bar layin inda yake. Sai na koma kan boris. Wanda aka fi sani mai faɗin 62 shi ne 6206, kaurinsa 16, kuma 16.1 ta dace da shi daram. Sai dai ba shi kaɗai ne mai 62 ba. Akwai 6305 mai kauri 17, akwai 6007 mai kauri 14. In aka sa wa 6007 washa mai kaurin milimita 1 a bayansa, ga 15 ta fito, 15.1 ta zama gaskiya. Zanen da aka ba ni na gidan ne kaɗai, bai faɗi wane boris zai zauna ciki ba.

Kuskuren kuma ko ta wane gefe yana cizo. In na yanka 15.1 alhali 6206 ne, boris zai rufe 0.9 na kwarin. A ƙa'idar zoben kulle ta DIN 472, kwarin rami 62 faɗinsa 2.15 ne, zoben kuma kaurinsa 2, to abin da zai rage 1.25 ne, zobe ba zai shiga ba ko an buga da guduma. In na yanka 16.1 alhali 15.1 ake so, boris zai riƙa kai da kawo fiye da milimita ɗaya, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya komawa. A guda arba'in.

Don haka na zauna na rubuta musu. Ga wasiƙar kamar yadda na tura:

"Zuwa ga Injiniya mai kula da zane. Bayan gaisuwa, ina magana ne a kan zanen gidan boris, bugu na C, shafi na 1. Tazarar da ke tsakanin kafaɗar ramin 62 H7 da bakin kwarin zoben kulle an rubuta ta 16.1 a tsagi A-A, an kuma rubuta ta 15.1 a zanen B. Na zagaye wuraren biyu da jan biro a hoton da na haɗo. A ganina 16.1 ce, in boris ɗin 6206 ne, amma zanen bai ambaci lambarsa ba. Don Allah a tabbatar mini da abu biyu: wace lamba zan bi, kuma wane boris zai shiga. Ina roƙon amsar ta zo a rubuce, tare da gyararren zane mai sabon bugu. Zan ci gaba da sauran aikin, kwarin ne kawai ba zan taɓa ba sai na ji daga gare ku. In amsa ta wuce kwana biyu, ranar miƙa kaya za ta matsa. Na gode."

Da gangan na faɗi abin da nake zato. Wasu abokan sana'a na ganin bai kamata ba, wai kada ka sa wa injiniya magana a baki ya ce "e" don ya rabu da kai. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa na haɗa da tambayar lambar boris, wadda ba a amsa ta da "e". Dole mutum ya buɗe zanen haɗi ya duba.

Amsar farko ta zo da wuri, cikin awa biyu, daga jami'in ciniki. Layi ɗaya: in bi abin da ke cikin fayil ɗin STEP, wato siffar gidan da aka gina a kwamfuta. Na buɗe, na auna, sai ga 16.00. Lambobi sun zama uku. Wannan ba abin mamaki ba ne, don masu zane da yawa kan gina siffar a kwamfuta da kaurin boris ɗin zalla, ɗan sararin 0.1 sai a takarda suke ƙara shi, kuma fayil ɗin da suka turo babu sassauci ko ɗaya a jikinsa. Ya ƙara mini ƙarfin zato, amma takardar odarsu da kanta ta ce zanen PDF ne abin dogaro wajen karɓar kaya. Mai dubawa a wurinsu da takarda zai zauna, in idonsa ya faɗa kan B, kayana sun faɗi.

Washegari jami'in cinikin ya kira ni a waya. "Malam, ka yi da babbar kawai, ai kowa ya san ita ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, rubuto mini hakan, ko layi biyu ne, da sunanka a ƙasa." Ya yi shiru, sannan ya ce bari ya tura wa injiniya. A nan na gane wasiƙata ta kwana a akwatinsa, ba ta kai ga wanda na rubuta wa ba. Wannan shi ne babban laifinsu a wurina: ba su da hanyar da tambayar zane za ta isa ga mai zane kai tsaye, sai ta bi ta hannun mutumin da aikinsa sayarwa ne, wanda kuma yake son ya ga kaya sun fita.

A kwanakin jira na gama ramin 62 da kafaɗarsa a guda goma, tunda zurfin kafaɗar daga fuskar gidan sau ɗaya aka rubuta shi, 24, ba gardama. Daga goma na tsaya. Duk wanda na sauke ba kwari sai na sake ɗora shi, in daidaita da agogon awo har allura ta daina rawa, kusan minti goma kowanne. Na ga gara injin ya yi wani aikin da in tara wa kaina wannan wahalar sau arba'in.

Rana ta huɗu injiniyar ta amsa, kuma amsarta ta wanke musu fuska. Ta ce 16.1 ce, boris 6206 ne. Ta kuma faɗi inda aka samo ɗayar: a bugu na B gidan na 6205 ne, mai faɗi 52 da kauri 15. Da aka ƙara girman shaf, sandar da ke juyawa cikin boris, daga 25 zuwa 30 aka koma 6206, an gyara A-A, amma lambar da ke zanen B an taɓa rubuta ta da hannu, ba ta ɗaure da siffar ba, don haka layin ya matsa ita ta tsaya. Ta haɗo bugu na D, ta cire awon daga zanen B gaba ɗaya, ta ƙara lambar boris a bayanin ƙasa. Ba ta yi ƙoƙarin nuna cewa ni ne ban iya karatu ba, ta ce kuskurensu ne. Ta kuma matsar da ranar miƙa kaya da kwana huɗun ba tare da na roƙa ba.

Ko a nan sai da na samu abin ƙorafi. Teburin gyare-gyare na bugu na D "an gyara awo" kawai ya ce, ba a zagaye wurin da aka taɓa ba. Dole na shimfiɗa C da D gefe da gefe na bi lamba-lamba, don in tabbatar ba a canza wani abu a ɓoye ba. Ba a canza ba, amma rabin awa ta tafi.

Na yanka kwarin farko, na sa ma'aunin zurfi, 16.14. Na tura boris har kafaɗa, zobe ya faɗa kwarinsa da ɗan ƙaran nan da kunne ke so, na girgiza ban ji motsi ba. Duka arba'in sun wuce dubawa.

Zan ci gaba da aiki da su. Zubinsu mai kyau ne, injiniyarsu ta san aikinta kuma tana amsa abin da aka tambaya. Wanda zai karɓi aikinsu, ya nemi adireshin sashen zane tun ranar da ake sa hannu a oda, ya kuma roƙi zanen haɗi ko aƙalla lambar boris tare da zanen gidan. Oda ta huɗu ta iso makon jiya, na tarar an haɗo zanen haɗin, amma sunan da ke ƙasan saƙon har yanzu na jami'in cinikin nan ne.