Saƙonnin waya ko littafin ƙorafi: wanne ya fi amfani?

"Jama'a, duk lokacin da na tuntuɓi kamfanin da na kai wa ƙorafi, sai a ce in faro bayani daga tushe. Saƙonnin da ke wayata sun wadatar, ko sai na buɗe littafi?"

Malam, kowanne da aikinsa. Saƙonni da imel su ne hujja, domin suna ɗauke da kalaman kamfanin da kwanan wata, ba mai musa su. Sai dai a warwatse suke, kuma kiran waya ba ya barin komai illa lokacin da aka yi shi da tsawonsa. Abin da ma'aikaci ya faɗa maka ya bi iska. Littafi kuwa bai kai saƙo ƙarfin hujja ba, tunda kai ka rubuta shi da hannunka, amma shi ke jera maganar daki-daki. Ni dai na fi ba shi muhimmanci.

Layi ɗaya ya ishi kowace tuntuɓa: rana da lokaci, hanyar da ka bi, sunan wanda ya saurare ka, lambar ƙorafin, alkawarin da aka yi da wa'adinsa. Kada ka kashe waya sai an ba ka lamba, ka kuma maimaita ta a ji ko daidai ka rubuta.

A ce ranar 3 ga Maris ka kira kan kuɗin da aka cire maka sau biyu, aka ba ka lamba 48213, aka ce ka jira kwana 7. Ranar 12 ka tura imel, sai amsa ta zo da sabuwar lamba, 48977. Nan ne mai dogaro da waya kaɗai ke rikicewa. Sabuwar lamba alama ce cewa an buɗe maka wani fayil daban, kuma yawanci lissafin wa'adi ya koma farko. Wani lokaci ma a rufe ɗaya a ce maimaici ne, kai kuwa kana can kana jira.

Mai littafi nan take zai gane, ya rubuta: "Ranar 3 ga Maris na kira, aka ba ni lamba 48213 da alkawarin gyara cikin kwana 7. Wa'adin ya cika ranar 10. A haɗa 48977 da fayil na farko." Daga nan lambar farko ce za ta riƙa zama a kan kowane saƙo, kuma ya riƙa amsawa a ƙarƙashin tsohon imel maimakon buɗe sabo.

Idan sun ƙi ba da lamba fa? Bayan kiran ka tura musu gajeren saƙo mai taƙaita abin da aka faɗa, da lokaci da sunan ma'aikacin, sannan ka rubuta ranar da ka tura shi a gurbin lambar.