Sharhi kan makin shekaru a sakamakon tseren parkrun

A shafin sakamakon parkrun, tseren nan na kilomita 5 da ake yi kyauta kowace Asabar, wanda aka fara a Bushy Park na Landan a 2004, ana saka wa kowane mai gudu wani kaso mai suna `Age Grade` a gefen lokacinsa. Na yi amfani da shi wajen jera sakamakon maza da mata, matasa da dattawa, a jeri ɗaya. A ganina yana yin adalci matuƙar tsere ɗaya ne a rana ɗaya, amma da an fita daga nan sai a yi hattara.

Lissafin ba shi da wuya. Akwai teburi da ke ba kowace shekara da kowane jinsi lokacin da gwanin gwanaye zai iya yi a wannan nisa. Ƙungiyar tsofaffin 'yan wasan tsalle-tsalle da guje-guje ta duniya, wadda yanzu ake kira WMA, ita ta fara fitar da irinsa a 1989. Ana raba lokacin teburin da naka:

```
kaso = (lokacin teburi / lokacinka) x 100
```

Ga saurayi ɗan shekara 28 ya gama a minti 20 cif, wato daƙiƙa 1200. A ce ma'auninsa shi ne 12:49, lokacin da Berihu Aregawi na Habasha ya kafa a Barcelona a 2021, wato daƙiƙa 769. Ya samu kashi 64.1. Ga kuma mace mai shekara 55 ta shigo a 24:30, minti huɗu da rabi a bayansa. A ƙaddara teburi ya ba ta 17:30. In an raba 1050 da 1470, ta tashi da kashi 71.4. A idon 'yan kallo saurayin ya ba ta rata, a takarda kuwa ita ce gaba, kuma haka ya kamata, domin ta fi shi kusa da iyakar abin da sa'arta za ta iya. A al'ada ana ɗaukar kashi 60 a matsayin gwanin gari, 70 na yanki, 80 na ƙasa, 90 kuma na duniya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ana lissafi da ainihin shekarun mutum ne. Rukunin shekaru na maza irin `VM50-54` yana haɗa ɗan 50 da ɗan 54 wuri guda, kullum babban ne ke kwana ciki. Kason shekaru ya kawar da wannan. Sai dai ya dogara ga ranar haihuwar da aka rubuta wajen rajista, ba kuma mai tantance ta.

Masu lissafi da hannu suna yawan faɗawa rami ɗaya: su rubuta 12.49 su raba da 20.00, sai su ga 62.5 maimakon 64.1. Minti daƙiƙa 60 ne, ba 100 ba, don haka a mayar da komai daƙiƙa tukuna.

Babbar matsalar dai ita ce teburin ba ɗaya ba ne. Na tseren titi an sabunta shi a 2010 da 2015 da 2020, saboda gwanaye na ta karya tarihi, musamman tun da takalma masu farantin kabon suka shigo. Da ma'aunin saurayin nan 12:59 ne, da kashi 64.9 ya samu. Da aka matse shi zuwa 12:49 sai ya sauka 64.1, alhali ƙafarsa ba ta rage komai ba. Shi ya sa za ka saka lokaci ɗaya a shafukan lissafi biyu na intanet, su ba ka amsa biyu, parkrun ta ba ka ta uku. Alamar cewa teburin ne ya bambanta ita ce bambancin ba ya da yawa, kuma kusan kowa a jerin ya matsa gefe ɗaya. Mai shirya tsere ya zaɓi teburi guda, ya rubuta shekararsa a saman jerin.

Kason bai san tudu ba, bai san zafi ko iska ko laka ba. Bai san an gajarta hanya ba ma. In hanyar ta gaza da mita 100, mai minti 20 zai gama a wajen daƙiƙa 1176, kasonsa ya hau zuwa 65.4 a banza. A parkrun kuma agogo ɗaya ne ga kowa tun daga tashi, wanda ya tsaya a bayan cunkoso ya yi asarar daƙiƙoƙi kafin ya taka layin farawa.

A can ƙarshen teburi, wajen yara ƙanana da waɗanda suka haura 80, musamman mata, masu gudun kaɗan ne, ma'aunin ya dogara ga mutane ƙalilan. A nan ne aka fi ganin wanda ya wuce kashi 100. In kyauta ce za a bayar kan kason shekaru, tazarar da ba ta kai kashi 1 ba tsakanin dattijuwa mai shekara 80 da matashi ba zan yanke hukunci da ita ba. Gara a ware kyautar maza da ta mata.